Yadda ake rubuta gwajin inzayim a littafin lab har wani ya iya maimaita shi daidai

Lambar da ka samu a ƙarshen gwajin inzayim ba ta inzayim ɗin ce shi kaɗai ba. Zafin da aka yi aikin a kai yana da hannu a cikinta, haka pH, haka irin bafa, wato ruwan da ke riƙe pH kada ya motsa, haka yawan sabsitiret. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, lambar ma ta sauya, ko da daga kwalba ɗaya aka ɗebi inzayim ɗin. Saboda haka aikin shafin da za ka rubuta shi ne ya riƙe waɗannan sharuɗɗa kamar yadda suka kasance a hannunka ranar, ba kamar yadda takardar ƙa'ida ta ce su kasance ba.

Zan bi da kai ta gwaji guda ɗaya daga farko har ƙarshe: auna aikin alkalin fosfates, wanda ake taƙaitawa ALP, na hanjin ɗan maraƙi. Sabsitiret ɗin, wato abin da inzayim yake aiki a kansa, shi ne pNPP, kuma ruwansa kusan ba shi da launi. Inzayim yana cire masa fosfet, sai ya koma pNP, wanda yake rawaya idan pH ya yi sama. Na'urar auna haske tana karanta wannan rawayar a 405 nm, kuma saurin ƙaruwarta shi ne saurin aikin inzayim. Iya bayanin da kake bukata ke nan. Lambobin karatun da za ka gani a ƙasa na misali ne, amma lissafin haka yake tafiya.

Kayan aiki

Na rubutu: littafi ɗinkakke mai lambar shafi, ba mai waya ba wanda ake iya yage takarda. Baƙin biro wanda ruwa ba ya wanke tawadarsa. Rula, da gam ko salatif na liƙa takardar da na'ura ta buga, da alƙalamin rubutu a jikin kwalba. Idan littafinka ba shi da lambar shafi, zauna ka sa masa da biro daga farko zuwa ƙarshe kafin ka rubuta komai.

Na benci: na'urar auna haske mai wurin ɗumama kubet, wato ɗan mazubin da ake zuba samfuri a ciki a karanta, kubet mai faɗin 1 cm, fifet na 20 µL da 200 µL da 1000 µL, sikeli mai karanta 0.1 mg, ma'aunin pH, ma'aunin zafi mai siririn baki, agogon ƙirga daƙiƙa, bahon ruwan ɗumi, da ƙanƙara a mazubi. Sinadarai kuwa: dayitanolamin, wanda za mu riƙa kira DEA, sai MgCl2, HCl, pNPP, pNP tsantsa, tataccen ruwa, da inzayim ɗin. Ka sa safar hannu da tabarau, domin DEA da HCl duka suna yi wa ido illa.

1. Buɗe shafin kafin ka taɓa fifet

A saman sabon shafi rubuta kwanan wata da sunan watan a haruffa, misali 3 Afrilu, sannan shekara. Idan ka rubuta 03/04 wani zai karanta shi 4 Maris. Sa sunanka, sa kan magana, sannan jimla ɗaya da ke faɗin abin da kake nema: "Auna yawan aikin ALP a kwalbar ajiya ta shafi na 38, a 37 °C, cikin bafar DEA." Idan akwai takardar ƙa'ida da kake bi, faɗi wacce ce da shafin da take, amma kada ka tsaya a "an bi ƙa'ida". Ƙa'ida tana canzawa, ana yi mata gyara, kuma wanda zai karanta bayan shekara biyu bai san wacce ka riƙe ba.

Littafin ya zauna a bencin tare da kai. Rubutu a guntun takarda ko a bayan safar hannu da niyyar a kwafe da yamma shi ne babbar hanyar da bayani ke salwanta, domin lokacin kwafewa mutum yana rubuta abin da ya kamata ya yi ne, ba abin da ya yi ba.

2. Rubuta asalin kowane sinadari

Ga kowace kwalba, kwafe sunan kamar yadda yake a jikinta, da kamfanin, da lambar kaya, da lambar `Lot`, da nauyin ƙwayar da aka buga a jiki, da ranar da aka fara buɗe ta, da inda ake ajiye ta. Yana da gajiyarwa a karon farko. Daga baya sai dai ka ce "kamar na shafi kaza" muddin ba a sauya kwalba ba.

Ga dalilin da ya sa nauyin ƙwaya ba abin tsallakewa ba ne. pNPP da aka fi sayarwa gishirin sodiyam ne mai ɗauke da ƙwayar ruwa shida, nauyinsa 371.14 g/mol. Idan aka cire ruwan, 263.05 ne. Wanda ya yi lissafi da lamba ta biyu alhali kwalbarsa ta farko ce zai auna 131.5 mg domin haɗa 5 mL na 100 mM, amma abin da zai samu bai kai 71 mM ba. Idan shafinka ya ce "pNPP 100 mM" kawai, ba wanda zai iya gano ko hakan ta faru.

Inzayim ɗin ya fi kowa bukatar cikakken bayani: daga wace halitta da wace gaɓa, lambarsa ta EC 3.1.3.1, yawan furotin a kowace mL da hanyar da aka auna shi, cikin wane ruwa aka ajiye shi, sau nawa aka daskarar aka narkar. Idan an taɓa ɗauke wuta firiza ta saki kwana guda, wannan ma labarin inzayim ɗin ne, ka rubuta. A misalinmu kwalbar ajiya tana da furotin 0.10 mg/mL.

3. Haɗa ruwayen, ka rubuta abin da sikeli ya nuna

Yi ginshiƙi biyu: abin da aka nufa, da abin da aka auna. Ga bafa, muna son 100 mL na DEA 1.0 M mai MgCl2 0.50 mM, pH 9.8. DEA yana da nauyin 105.14 g/mol, wato 10.51 g ake nema. Ka auna shi a sikeli, kada ka ja shi da fifet, domin yana da danƙo, kuma yana daskarewa ƙasa da kimanin 28 °C, har sai an ɗan ɗumama kwalbar. Narkar da shi a ruwa kamar 80 mL, zuba 50 µL na MgCl2 1.0 M, daidaita pH da HCl, sannan ka cika zuwa 100 mL. Rubuta ƙarfin HCl ɗin da yawan da ya ci.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne nan: a wane zafi aka daidaita pH? Bafa irin DEA da Tris pH ɗinsu yana sauka idan zafi ya hau. Wadda ka daidaita a 9.8 a 25 °C za ta sauka da kusan 0.3 idan ta kai 37 °C. Duka hanyoyin biyu ana yin su, a daidaita a zafin ɗaki ko a zafin gwaji, amma ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba. Don haka layin ya zama "pH 9.80 a 37 °C, an saita ma'aunin da bafar 7 da ta 10 yau da safe". Mu a 37 °C muka daidaita.

Ga pNPP, ana nufin 185.6 mg a cikin 5.0 mL na ruwa. A ce sikeli ya tsaya a 186.2 mg. Ba sai ka tsaya kana rage ƙwaya-ƙwaya ba. Rubuta 186.2, ka lissafa ƙarfin gaskiya, 100.3 mM, ka wuce. Rubuta lokacin da ka haɗa, naɗe bututun da takardar alminiyam saboda haske, ka sa a ƙanƙara. Dubi launinsa ka faɗa a shafin. Idan ya riga ya yi rawaya sosai tun kafin ya ga inzayim, ya fara lalacewa, a haɗa sabo.

Abu biyu kada su kusanci wannan gwaji: bafar fosfet, domin fosfet yana danne ALP, da EDTA, domin yana kama zinki da magniziyam da inzayim ɗin yake aiki da su. Idan samfurinka ya zo cikin ɗayansu, rubuta hakan da babban baƙi.

4. Sirka inzayim, da lambobi ba da rabo ba

Kwalbar ajiya ta yi ƙarfi da yawa, dole a sirka ta sau 500. Kada ka rubuta "1:50 sannan 1:10" ka bari. Wasu suna fahimtar 1:10 a matsayin kashi ɗaya cikin goma, wasu kuma kashi ɗaya a kan goma na ruwa, wato ɗaya cikin sha ɗaya. Rubuta abin da fifet ya ɗauka:

```
Sirki A: 20 µL ajiya + 980 µL bafa   (x50)
Sirki B: 100 µL A + 900 µL bafa      (x10)
Jimla: x500
```

Ƙara da cewa bafar mai sanyi ce, an gauraya ta hanyar juya bututu a hankali ba da na'urar girgiza ba, an yi sirkin da ƙarfe 10:05, an ajiye a ƙanƙara. Lokacin yana da amfani, domin inzayim da aka sirka sosai yana rasa ƙarfi da zama, wani ɓangarensa ma yana mannewa a jikin roba. Idan kubet na farko ya tafi da 10:12, na ƙarshe da 10:50, kuma saurin yana ta raguwa a jere, lokacin da ka rubuta ne zai nuna maka dalili. Ga dalilin da ya sa ba a ɗauki 2 µL a zuba a 998 µL kai tsaye ba: ɗan kuskure a 2 µL babban kaso ne, mataki biyu ya fi aminci.

5. Saitin na'ura da zafin gaskiya

Rubuta sunan na'urar da samfurinta, da lambarta idan lab ɗin yana da fiye da ɗaya. Sannan 405 nm, kubet na roba ko gilashi, faɗin 1 cm, tsawon lokacin da fitila ta yi a kunne kafin fara aiki, da tazarar karatu, a nan kowane daƙiƙa 30 har minti 3. Faɗi da me aka sa na'urar a sifili. Mu da bafa zalla muka yi. Wanda ya yi da bafa mai pNPP zai ga karatunsa na farko ya bambanta da naka, ya ɗauka wani abu ya lalace.

Kalmar "zafin ɗaki" kada ta shiga littafinka. Ɗakin da ba na'urar sanyaya a Kano, tsakanin safiyar hunturu da ranar bazara akwai tazarar da ta wuce digiri 10, kuma tazara irin wannan tana iya kusan ninka saurin inzayim da yawa. Ko na'urarka tana nuna 37 °C a allo, wannan zafin ƙarfen da ke riƙe da kubet ne. Cika wani kubet da bafa, bar shi minti 5 a wurin, sa ma'aunin zafi a ciki, ka rubuta abin da ya nuna. Idan 36.6 ne, 36.6 za ka rubuta.

6. Jadawalin kubet da jerin zubawa

Zana jadawalin kafin ka fara, kana zubawa kana sa alama a gefen kowane layi.

```
              Gwaji    Bilank   Rabi
Bafa          880 µL   900 µL   890 µL
pNPP 100 mM   100 µL   100 µL   100 µL
Sirki B        20 µL     0       10 µL
Jimla        1000 µL  1000 µL  1000 µL
```

A ƙarƙashinsa rubuta ƙarfin kowane abu a cikin kubet bayan an haɗa: pNPP 10 mM, DEA 0.90 M, MgCl2 0.45 mM. Lura DEA ba 1.0 M ba ne kuma, domin ruwan pNPP ya sirka shi. Mai karatu yana bukatar duka biyun, na kwalba da na kubet, kuma ka nuna wanne ne wanne.

Sai jerin aikin, cikin jimloli gajeru. An zuba bafa da pNPP a kubet. An bar su minti 5 a 37 °C. An fara aiki da zuba inzayim. An rufe bakin kubet da ledar lab an juya sau uku. An fara karatu daƙiƙa 15 bayan zuba inzayim. Wannan daƙiƙa 15 ɗin ka auna ta da agogo, kada ka ƙiyasta. Da me aka fara aikin ma magana ce: idan inzayim ne ya zauna minti 5 a zafi tare da magniziyam sannan aka zuba pNPP, gwaji ne na daban, kuma yana iya ba da wata lamba.

Bilank yana nan ne domin pNPP yana ɗan tsinkewa da kansa a pH mai sama da zafi, ko babu inzayim. Kubet na rabi kuwa shi ne shaidar cewa abin da kake aunawa inzayim ne: rabin inzayim ya kamata ya ba da rabin sauri. Ɗalibai sun fi tsallake shi, ni kuwa ban cika yarda da shafin da babu shi ba.

7. Ɗanyen karatu, duka

Rubuta kowace lamba da na'ura ta bayar, ba gangarar layi kaɗai ba.

```
Daƙiƙa    Gwaji 1   Bilank
0         0.150     0.120
30        0.206     0.121
60        0.263     0.122
90        0.320     0.123
120       0.376     0.124
150       0.433     0.125
180       0.489     0.126
```

Idan na'ura tana buga takarda, liƙa ta a shafin ka sa hannu ta yadda rabin sa hannun yana kan takardar, rabi yana kan littafin. Takardar da ake bugawa da zafi tana dushewa cikin watanni, sai ka kwafe lambobin da biro ko ka liƙa hotonta. Idan fayil ne, rubuta sunansa harafi da harafi da kwamfutar da yake ciki.

Duk abin da idonka ya gani, ya shiga gefen jadawalin: kumfa a kubet, gurɓacewar ruwa, wuta ta ɗauke a daƙiƙa ta 90 janareta ya karɓa. A ce kubet na uku ya ba da lambobi masu tsalle, ka ciro shi ka ga kumfa a hanyar haske. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa. Ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, rubuta "kumfa a hanyar haske, ba a sa a lissafi ba, an maimaita a matsayin Gwaji 4", sa harufan sunanka da kwanan wata. Dalilin cire karatu dole ya zama abin da ka gani a benci. "Bai yi kama da sauran ba" ba dalili ba ne.

8. Duba miƙewar layi, sannan lissafi

Kafin ka taɓa lissafi, zana karatun a kan lokaci. A Gwaji 1, kowane daƙiƙa 30 ana ƙaruwa da 0.056 ko 0.057 daga farko har ƙarshe, wato layin miƙaƙƙe ne. Rubuta tsakanin wane lokaci da wane ka ɗauki gangara, a nan 0 zuwa 180, da yadda ka same ta, da hannu ko da manhaja.

Idan layin ya fara lanƙwasa yana kwanciya, ɗayan abubuwa kaɗan ne: inzayim ya yi yawa har sabsitiret yana ƙarewa ko fosfet ɗin da ke fita yana danne shi, ko inzayim yana mutuwa a kubet, ko karatu ya yi sama har na'urar ta daina bin gaskiya. Dubi inda lanƙwasar ta fara. Idan sai da karatu ya wuce 1.5 ko 2, zargi na'ura ko yawan inzayim, ka ƙara sirki. Idan tun karatu yana ƙasa ya kwanta, zargi lafiyar inzayim ɗin. Idan kuwa layin ya fara a hankali sannan ya ƙara sauri, yawanci ruwan bai gama kai 37 °C ba lokacin da ka fara.

A misalinmu gangarar kubet uku ita ce 0.113, 0.110 da 0.116 a minti, matsakaicinsu 0.113. Bilank 0.002. Abin da ya rage na inzayim 0.111. Kubet na rabi ya ba da 0.058, a cire bilank saura 0.056, rabin 0.111 ke nan, gwajin ya tsaya da ƙafarsa. Rubuta dabarar kafin lambobin:

```
U/mL = (ΔA/min x Vt x DF) / (ε x l x Ve)
     = (0.111 x 1.00 x 500) / (18.5 x 1 x 0.020)
     = 150 U/mL
U/mg = 150 / 0.10 = 1500
```

ΔA/min gangarar ce bayan an cire bilank, Vt jimlar ruwan kubet a mL, Ve yawan ruwan Sirki B da aka zuba a mL, DF sau nawa aka sirka, l faɗin kubet a cm. Bayyana su a shafin ko da kana ganin kowa ya sani. Bayyana U ma: yawan inzayim da ke fitar da 1 µmol na pNP a minti ɗaya a pH 9.8, 37 °C, cikin DEA. Wannan ƙarshen jimlar ba ado ba ne. DEA da kansa yana karɓar fosfet daga inzayim ya ƙara masa sauri, saboda haka inzayim ɗaya yana ba da lamba mafi girma a DEA fiye da a bafar gilaisin, har masu sayarwa suna bambanta awon biyu a jikin kwalba. Wanda yake son katal, awon da aka shigar cikin tsarin SI a 1999, U ɗaya 16.67 nkat ne, wato 150 U/mL ya zama 2.5 µkat/mL.

Saura ε, lambar da ke nuna yadda pNP yake shan haske, wato 18.5 mM⁻¹ cm⁻¹. Faɗi inda ka samo ta. Lamba ce da ake yawan amfani da ita ga pNP a 405 nm a pH mai sama, amma ba ta kowane hali ba ce. Rawayar pNP tana bin pH: a wajen pH 7.15 rabinsa kaɗai ke da launin. A 9.8 kusan dukkansa yana da shi, shi ya sa lambar ta yi mana. Abin da ya fi shi ne ka tabbatar a na'urarka. Haɗa pNP tsantsa 0.050 mM a cikin bafar gwajin, ya kamata ya karanta kusan 0.925. Idan ya ba da 0.85, yi amfani da taka lambar, ka rubuta dalili.

Bambancin da ke tsakanin 0.110 da 0.116 bambancin fifet da hannu ne daga sirki guda. Rubuta hakan a fili: "kubet uku, sirki ɗaya". Ba daidai yake da sirki uku daban-daban ba, balle kwana uku daban-daban.

9. Idan wani kayan babu

Idan na'urarka ba ta ɗumama kubet, yi gwajin tsayarwa. Haɗa komai a bututu cikin bahon ruwa a 37 °C, zuba inzayim, bayan ƙayyadadden lokaci ka tsayar da aikin da NaOH, sannan ka karanta. Abin da shafin zai ƙara ɗauka shi ne ƙarfin NaOH da yawansa, da ainihin lokacin farawa da na tsayarwa na kowane bututu, da tazarar da ke tsakanin tsayarwa da karatu. Vt yanzu ya haɗa da NaOH ɗin, mutane da yawa suna manta wannan. Bilank ɗin kuma a zuba masa NaOH tukuna kafin inzayim. Tunda karatu ɗaya kake samu daga kowane bututu, ba za ka ga lanƙwasa ba, don haka a karon farko tsayar da bututu a minti 2, 4, 6, 8 da 10 ka nuna lokacin da ka zaɓa yana cikin miƙaƙƙen ɓangare.

Idan ƙaramar na'urar auna launi ce mai tacin haske kawai kake da ita, ko mai karanta faranti mai ramuka 96, ajiye 18.5 gefe. A faranti haske yana bi ta zurfin ruwan ne, kuma 200 µL bai kai 1 cm ba, ya ɗan wuce rabi. Haɗa jerin pNP masu ƙarfi sananne, kamar 0, 0.01, 0.02, 0.04 da 0.06 mM, cikin bafa ɗaya da yawan ruwa ɗaya, ka zana layin awo a shafin, ka yi lissafi da shi. Zana taswirar farantin ma, a san me ke kowane rami.

Idan babu bahon ruwa sam, yi a zafin da ɗakin yake, amma auna zafin ruwan kubet a farko da ƙarshe, ka sa lambar a cikin ma'anar U ɗinka. Kada ka kwatanta sakamakon da na 37 °C.

10. Rufe shafin

Rubuta sakamakon a jimla ɗaya mai ɗauke da sharuɗɗansa: "ALP na shafi na 38: 150 U/mL, 1500 U/mg, a DEA 0.90 M, pH 9.8, MgCl2 0.45 mM, pNPP 10 mM, 36.6 °C, kubet uku daga sirki ɗaya." Ƙarƙashinsa jera duk inda ka saɓa wa ƙa'ida, ko da kana ganin ba kome. Faɗi inda ragowar inzayim da bafa suke da abin da aka rubuta a jikinsu. Ja layi a gicciye kan sauran farar takarda, sa hannu da kwanan wata. Idan wani abu ya faɗo maka gobe, ƙara shi da kwanan watan gobe, kada ka cusa shi a tsakanin layukan yau.

Sannan miƙa littafin ga abokin aiki da bai ga gwajin ba, ka ce ya maimaita ba tare da ya tambaye ka ba. Duk tambayar da ta tilasta masa zuwa wurinka, amsarta ta shiga shafin a matsayin ƙari mai kwanan wata. Idan lambarsa ta yi nisa da taka fiye da yadda kubet ukunka suka bambanta, ku ajiye shafukan biyu gefe da gefe ku bi su a jere: zafin cikin kubet, zafin da aka daidaita pH, lambar `Lot` ta pNPP da ta DEA, tazarar da ke tsakanin sirki da karatu, sannan ε. Idan duka sun yi daidai, ku ɗauki fifet ɗin 20 µL ku gwada shi a sikeli da tataccen ruwa sau goma. Kowane ɗauka ya kamata ya yi kusan 20 mg.